Mai Nazarin Bayanai a Gaban Kwamitin Ɗaukar Ma'aikata

A yawancin kwamitocin ɗaukar ma'aikata, waɗanda ke zaune a bakin tebur su ne akanta, jami'in kula da ma'aikata da wani darakta. Idan takardar mai nazarin bayanai ta iso gabansu ɗauke da "Na ƙware a SQL, Python da Power BI", sai su gyaɗa kai su wuce. Sunayen kayan aiki ne kawai, kamar kafinta ya ce yana da zarto da guduma bai nuna ƙofar da ya ƙera ba.

Abin da kwamiti ke son ji abu uku ne: wace matsala aka kawo masa, me ya gano, kuma wace shawara aka yanke saboda bincikensa.

A ce wata matashiya ta yi aiki a kamfanin rarraba magunguna mai shaguna 12. Ana ta asarar maganin da wa'adinsa ya ƙare a kan kanta, ba wanda ya san dalili. Da ta tattaro rajistar shagunan, sai ta tarar wani ya rubuta "Paracetamol", wani "PCM", wani kuma ya yi kuskuren harafi, kwamfuta tana ƙirga su a matsayin kaya uku daban. Sai da ta daidaita sunayen kafin lissafi ya fito: shaguna uku ne ke karɓar kaya fiye da abin da suke sayarwa. Ga yadda ya kamata ta rubuta: "Na haɗa rajistar shaguna 12 wuri guda, na gano uku da kaya ke kwantai a cikinsu, aka rage musu kaso, asara ta ragu cikin wata shida."

Sunan kayan aikin ya biyo baya, tare da dalilinsa. Shafin Excel ba ya ɗaukar layi sama da 1,048,576, don haka wadda ta ce "rajistar ta fi ƙarfin Excel, shi ya sa na yi amfani da SQL" ta fahimtar da akanta a jimla ɗaya.

Akwai wuraren tuntuɓe biyu. Na farko shi ne lamba marar tushe: wanda ya ce ya rage asara da kashi 30, akanta zai tambaye shi daga nawa zuwa nawa, kuma a wane lokaci. Na biyu shi ne cika baki. Mai nazari ya gano matsala ne, manaja ya yanke shawara, don haka "bincikena ya sa aka" ya fi "na yi" gaskiya. Alƙaluman da tsohon wurin aiki ya ɗauka sirri kuwa, a faɗe su da kaso kawai.

Kafin a miƙa takardar, a karanta wa wani ɗan uwa da bai san harkar ba, a ce ya maimaita. Duk jimlar da ya kasa faɗa da bakinsa, a sake rubuta ta.