Kundin da ya ƙi buɗewa: abin da ɗalibi zai rubuta wa malaminsa

A ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke rige-rigen miƙa kundin digiri, akwai amsar da ke tayar wa ɗalibi hankali fiye da gyaran jan biro: malami ya ce fayil ɗin da aka turo masa ya ƙi buɗewa. Abin da ya gani a allonsa, idan da Adobe Acrobat ya gwada, shi ne "The file is damaged and could not be repaired", idan kuma da Chrome ne, "Failed to load PDF document". Wa'adi ya wuce, aikin shekara guda kuma yana cikin fayil ɗin da ba wanda zai iya karantawa.

Mafita gajeren imel ne da sabon kwafi a maƙale. Sai dai imel ɗin yana da nauyin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba. Malaman jami'a sun san tsohuwar dabarar nan ta tura lalataccen fayil da gangan don a sami ƙarin kwana biyu a ƙarasa babi na biyar. Saboda haka ɗalibin da tsautsayi ya faɗa wa da gaske yana da aiki biyu: ya kawo kwafin da ke buɗewa, ya kuma nuna cewa abin da ke ciki shi ne dai abin da ya tura tun farko.

Kafin rubuta komai, sai ya san abin da ya faru. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma yadda aka gina shi ne ya sa ƙaramar matsala ke hana shi buɗewa gaba ɗaya. Kowane fayil yana farawa da alama irin %PDF-1.7, yana ƙarewa da %%EOF. Kusa da ƙarshen nan akwai jadawalin da ake kira xref, wanda ke nuna inda kowane shafi da hoto da nau'in rubutu yake a cikin fayil ɗin. Manhajar karantawa daga ƙarshe take farawa, ta nemo jadawalin, sannan ta san inda shafi na ɗaya yake. Kamar littafi ne da aka sa jerin abin da ke ciki a bangon baya: idan bangon ya yage, shafukan na nan, amma mai nema ya rasa jagora.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba ta gama kundinta mai shafi 142 a kwamfutar wani shagon buga takardu kusa da makaranta, aka mayar da shi PDF mai nauyin MB 18. Ana cikin kwafa shi zuwa filash aka ɗauke wuta, ko kuwa ta zare filash ɗin da sauri don ana jiran kujerar. Da ta koma ɗaki ta ga sunan fayil ɗin yana nan, ta maƙala shi a imel ta tura ba tare da ta buɗe ba. Abin da ya isa wajen malamin MB 11 ne kawai. Wutsiyar fayil ɗin, da jadawalin da komai, ba ta taɓa shiga filash ɗin ba. Kwatanta nauyin fayilolin biyu shi ne gwaji mafi sauƙi, ko da yake wani lokaci nauyin kan zo daidai alhali ƙarshen babu komai a ciki sai sifili.

Akwai wasu dalilan. Wani ɗalibin yakan goge .docx daga sunan fayil ya rubuta .pdf, a zatonsa ya canza shi, alhali har yanzu fayil ɗin Word ne da sabon suna. Wani kuma nasa yana buɗewa, amma ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna a kwamfutar malam, domin ba a cusa nau'in rubutun a cikin fayil ɗin ba. Masu nazarin Hausa sun fi kowa shan wannan wahala.

To, yaya ake gyara? Akwai manhajoji na kyauta irin su qpdf da ke bin fayil daga farko su sake gina jadawalin:

```
qpdf kundi.pdf kundi-gyararre.pdf
```

Wannan yana aiki idan jadawalin ne kaɗai ya lalace. Amma ba ya dawo da abin da bai taɓa isowa ba. Fayil ɗin ɗalibarmu ya rasa MB 7, ko da an samu ya buɗe, yana iya fitowa babu babin sakamako da manazarta, ko da fararen shafuka a inda taswirori suke. A ganina wannan ya fi fayil ɗin da ya ƙi buɗewa haɗari, domin malami zai iya duba shi a haka ya ba da maki. Shafukan intanet masu gyaran PDF kuwa, duk wanda ya ɗora musu kundin da bai kare ba tukuna ya miƙa bincikensa ga mutanen da bai sani ba.

Hanyar da ta fi ita ce komawa kan ainihin fayil ɗin Word a sake fitar da PDF ta Save As, a shiga Options a zaɓi PDF/A, tsarin adana takardu da ke tilasta cusa nau'in rubutu a cikin fayil. Kada a taɓa ko da waƙafi a cikin rubutun, kada kuma a sake adana fayil ɗin Word ɗin kansa, don ranar gyaran ƙarshe da ke jikinsa shaida ce. Daga nan ɗalibar ta tura wa kanta sabon kwafin, ta sauke shi a waya ko wata kwamfutar, ta tabbatar shafuka 142 ne cif, ta leƙa shafin ƙarshe da jadawalai da haruffa masu lanƙwasa.

Sai imel ɗin. Ta danna Reply a kan saƙon malamin maimakon buɗe sabo, domin ranar da ta fara turawa ta kasance a ƙasa yana gani:

"Assalamu alaikum Malam. Da fatan an wuni lafiya. Na ga saƙonku cewa kundin da na turo ranar Litinin bai buɗe ba, a yi mini afuwa. Na duba, na tarar bai gama kwafuwa zuwa filash ba: asalinsa MB 18 ne, wanda ya iso muku MB 11. Ga sabon kwafi na maƙala, wanda na sake fitarwa daga ainihin fayil ɗin Word. Shafi 142 ne, na gwada shi a waya da kwamfuta ya buɗe. Ban canza komai a cikin rubutun ba, kuma idan ana bukata zan turo fayil ɗin Word ɗin mai ɗauke da ranar gyaran ƙarshe. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A ƙasa ta sa cikakken sunanta da lambar rajista da sashe. Sunan fayil ɗin ma ya ɗauki lambar rajistar da kalmar "gyararre", don kada malam mai ɗalibai da yawa a hannu ya rikita shi da tsohon.

Ba a cika saƙon da labarin rashin wuta da tsadar data ba, ba a kuma ɗora laifin a kan kwamfutar malam ba. Alƙaluman da ta kawo abubuwa ne da malamin zai iya tabbatarwa da kansa cikin minti ɗaya, kuma su ne ke kawar da zargi.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce "ban canza komai ba", don haka kada a rubuta ta sai idan gaskiya ce. Idan ɗalibar ta ga kuskuren rubutu a shafi na 60 ta gyara, ta faɗa, ta ambaci shafin. Idan kuma an riga an rufe karɓar kundi a sashe, mai yiwuwa malamin ba shi da ikon karɓar sabon kwafi shi kaɗai. A nan sai ta ƙara layi ɗaya tana tambaya ko akwai bukatar ta rubuta wa jami'in jarrabawa ko shugaban sashe, ta kuma ajiye lalataccen fayil ɗin yadda yake, kada ta goge shi, har sai an fitar da sakamako.