Dabaru Uku na Ƙiyasta Saurin Canji da Girman Kuskurensu

A ilimin kalkulas, idan wani adadi f ya dogara da wani adadi x, ana son sanin yadda f ke canjawa a duk lokacin da x ya ɗan motsa. Wannan saurin canji shi ake rubutawa f′(x). Idan an san ƙa'idar f a rubuce, akwai dokokin da ke fitar da f′(x) daidai ba ragi. Sai dai sau da yawa abin da ke hannun injiniya ko mai bincike jerin lambobi ne kawai da aka auna, kamar tsayin ruwa a dam kowace awa. A nan dole a yi ƙiyasi daga lambobin da ke maƙwabtaka da juna, waɗanda ke da tazara h a tsakaninsu.

Dabarun da aka fi amfani da su uku ne. Bambancin gaba yana haɗa x da wurin da ke gabansa, bambancin baya yana haɗa shi da na bayansa, bambancin tsakiya kuwa yana tsallake x ɗin kansa ya haɗa maƙwabtansa biyu:

```
gaba:    (f(x+h) - f(x)) / h
baya:    (f(x) - f(x-h)) / h
tsakiya: (f(x+h) - f(x-h)) / (2h)
```

A ta ukun ana rabawa da 2h saboda nisan da ke tsakanin wuraren biyu ya ninka.

Misali zai nuna yadda suke aiki. A ɗauki tankin ruwa wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ɗaya ne, wato mita x. Abin da zai ɗauka shi ne f(x) = x³. Idan x mita 2 ne, kalkulas ya ce f′(x) = 3x², wato 12 cif. Da yake an san amsar tun farko, za a iya auna kuskuren kowace dabara. Da h = 0.1, lambobin da ake buƙata su ne f(1.9) = 6.859, da f(2) = 8, da f(2.1) = 9.261. Bambancin gaba ya ba da 1.261 a raba da 0.1, wato 12.61. Na baya ya ba da 11.41. Na tsakiya ya ba da 2.402 a raba da 0.2, wato 12.01. Na gaba ya zarce da 0.61, na baya ya gaza da 0.59, na tsakiya kuma ya kauce da 0.01 kacal, alhali kowannensu lambobi biyu ya yi amfani da su.

Dalilin wannan rata yana cikin jerin Taylor, wanda ya samu sunansa daga Brook Taylor, masanin lissafi ɗan Ingila da ya wallafa shi a 1715. Jerin yana bayyana ƙimar f a kusa da x ta hanyar tara gaɓoɓi, kowace gaɓa da ƙarin ninkin h a kan wadda ta gabace ta:

```
f(x+h) = f + h·f′ + (h²/2)·f″ + (h³/6)·f‴ + ...
f(x-h) = f - h·f′ + (h²/2)·f″ - (h³/6)·f‴ + ...
```

A nan f″ yana auna lanƙwasar f, wato yadda saurin canjin kansa ke canjawa, f‴ kuma yana auna yadda lanƙwasar ke canjawa. Idan aka cire f daga layin farko aka raba da h, za a samu f′ tare da ragowar gaɓoɓi, wanda babbarsu ita ce (h/2)·f″. Dabarar bambancin gaba ta datse jerin ne ta watsar da wannan ragowa, shi ya sa ake kiran abin da aka rasa kuskuren datsewa. A misalin tanki f″ = 6x = 12, don haka babbar gaɓar ita ce 0.05 sau 12, wato 0.6. Gaɓa ta gaba, (h²/6)·f‴, ta ba da 0.01 tunda f‴ = 6. Jimlarsu 0.61, daidai abin da aka gani. A bambancin baya babbar gaɓar ɗaya ce amma alamarta ta juya, sai kuskuren ya zama gazawa da 0.6 da zarcewa da 0.01, wato gazawa da 0.59.

A nan ne hikimar bambancin tsakiya take. Idan aka cire layi na biyu daga na farko, gaɓar f″ ta soke kanta gaba ɗaya, domin alamarta ɗaya ce a layukan biyu. Abin da ya rage bayan rabawa da 2h shi ne f′ da (h²/6)·f‴. Hasali ma bambancin tsakiya matsakaicin sauran biyun ne: a tara 12.61 da 11.41 a raba biyu, a samu 12.01. Zarcewar ɗaya ta cike gazawar ɗayan.

Ninkin h da ke cikin babbar gaɓar kuskure shi ake kira darajar dabara. Na gaba da na baya masu daraja ta ɗaya ne, ana rubuta O(h). Na tsakiya mai daraja ta biyu ne, O(h²). Darajar ba ta faɗin girman kuskure a wata tazara guda, abin da take faɗi shi ne yadda kuskuren ke raguwa idan aka rage h. Da h = 0.05 a misalin nan, na gaba ya ba da 12.3025, na baya 11.7025, na tsakiya 12.0025. Kuskuren biyun farko ya ragu da kusan rabi, na tsakiya kuwa ya faɗo daga 0.01 zuwa 0.0025, kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan gwaji ne mai amfani ga duk mai rubuta manhajar lissafi: ya raba h biyu ya duba. Idan kuskuren dabarar da ake cewa mai daraja ta biyu ce ya ragu da rabi kawai, to akwai matsala a aikin.

Duk da haka ba a jefar da sauran biyun ba. A farkon jerin lambobi babu maƙwabci a baya, dole a yi amfani da na gaba, a ƙarshensa kuma na baya. Na'urar da ke lissafin gudun mota a daidai lokacin tafiya ba ta da awon daƙiƙar da ba ta zo ba tukuna, na baya kaɗai take iya yi.

Akwai kuma tarko ga wanda ya ɗauka cewa ƙanƙanta h kullum alheri ne. Lambobin da aka auna, ko waɗanda kwamfuta ke riƙewa, suna da iyakar alƙaluma. A ce an rubuta ƙimomin f da alƙaluma biyu kawai bayan ɗigo. Da h = 0.1, bambancin tsakiya zai ɗauki 9.26 da 6.86 ya ba da 12.0. Da h = 0.001 zai ɗauki 8.01 da 7.99 ya ba da 10. Da h = 0.0001 lambobin biyu duk sun zama 8.00, amsa ta koma sifili. Cire lambobi biyu masu kusan girma ɗaya yana shafe alƙaluman da suka yi tarayya a kai, ya bar ɗan kuskuren taƙaitawa, sannan rabawa da ƙaramin h ta kumbura shi. Kuskuren datsewa na raguwa tare da h, na taƙaitawa na ƙaruwa, don haka akwai tazara mafi dacewa a tsakani. A kwamfutar da ke riƙe alƙaluma kusan 16, ga lambobi masu matsakaicin girma, tazarar tana wajen 10⁻⁸ ga bambancin gaba, da wajen 10⁻⁵ ga na tsakiya. Alamar an wuce ta ita ce amsoshi su daina nutsuwa wuri guda su fara tsalle-tsalle.

Dukan wannan bayani na daraja ya ginu a kan sharaɗin cewa f sumul yake, ba shi da kusurwa ko tsinkewa a kusa da x, ta yadda f″ da f‴ suke samuwa. Ƙa'idar f(x) = |x| tana da kusurwa a sifili. A wurin bambancin gaba yana ba da 1, na baya −1, na tsakiya 0, komai ƙanƙantar h, alhali f′(0) babu shi sam. Na tsakiya shi kaɗai ba zai nuna matsalar ba. Ana gano ta ne ta kwatanta na gaba da na baya: a wuri sumul ratar da ke tsakaninsu tana raguwa da kusan rabi duk lokacin da aka raba h biyu, kamar yadda ta sauko daga 1.2 zuwa 0.6 a misalin tanki, a kusurwa kuwa tana nan a 2 ba ta motsi.