Tsakanin ƙwallo da rami: yadda ake karanta gangare da kwanciyar ciyawa a wasan ƙwallon lambu

Duk wanda ya taɓa kallon gasar ƙwallon lambu a talabijin ya ga ɗan wasa ya tsuguna a bayan ƙwallonsa, ya zagaya bayan rami ya sake tsugunawa, sannan ya zo ya buga ta can gefe, kamar ba ramin yake nufi ba. Ƙwallon sai ta yi gaba, ta karkato a hankali, ta faɗa ciki. Tsugunon nan lissafi ne. Kafin ya taɓa ƙwallon sai ya amsa tambaya biyu: ta ina zai sako ta, kuma da wane irin ƙarfi. Gwanayen wasan sun san cewa amsar guda ba ta tsayuwa sai da ɗayar.

Wurin da ake wannan lissafi shi ne girin, wato dandalin ciyawar da aka aske ƙwal wanda ramin yake ciki. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne, kusan milimita 108, ƙwallon kuwa ba ta kai inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu ba. A nan ba a ɗaga ƙwallo sama, gangara ta ake yi a ƙasa, don haka duk abin da ƙasar take da shi na tudu da kwari sai ya taɓa ta.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, gangare yana jan ƙwallo gwargwadon lokacin da ta ɗauka tana birgima. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi tana isa rami da wuri, gangaren bai samu damar karkatar da ita sosai ba. Wadda aka lallaɓa kuwa ta daɗe a hanya, kuma yayin da gudunta yake mutuwa ne take fi karkata. Shi ya sa mafi yawan lanƙwasar take faruwa a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiya, dab da rami. Don haka rami ɗaya daga wuri ɗaya yana da hanyoyi da dama, kowace da ƙarfinta. Ɗan wasa yakan fara yanke ƙarfin da zai yi amfani da shi, sannan ya nemo hanyar da ta dace da wannan ƙarfin.

Wane ƙarfi ne daidai? Dave Pelz, Ba'amurken da ya bar aikin kimiyya a hukumar NASA ya koma nazarin wannan wasa, ya yi suna da shawarar cewa a buga yadda in ƙwallon ta kuskure za ta wuce ramin da inci 17. Wasu malaman sun fi son ƙasa da haka, wajen ƙafa ɗaya. Dalilin duka ɗaya ne. Ciyawar da ke kewaye da rami ta sha takawa, ƙwallon da ta iso a gajiye kuwa kowane ɗan gurbi yana iya kautar da ita. Idan kuma ta zo da gudu fiye da kima, ramin ya ƙanƙance mata ke nan, domin ko ta taɓa leɓensa sai ta zagaye shi ta fice.

Ƙarfin kuma ya danganta da santsin girin na wannan rana. Ana auna shi da wani ɗan kwararon ƙarfe mai tsawon inci 36 da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935. A ɗora ƙwallo a kai, a ɗaga ƙarshensa har ta sulalo da kanta, a auna ƙafa nawa ta yi a wurin da yake shimfiɗe. In ta yi ƙafa 10, sai a ce saurin girin 10 ne. Filayen 'yan kulob sukan tsaya tsakanin 8 da 10, na manyan gasa kuwa sukan kai 12 ko su haura. Ƙarin santsi yana nufin bugu mai taushi, tafiya mai tsawon lokaci, da ƙarin lanƙwasa. Wannan ne ya sa kowa yake tsayawa a girin gwaji kafin a fara wasa, don hannu ya saba da saurin ranar.

Karatun gangare tun daga nesa yake farawa. Mai tunkarar girin daga taku talatin ko arba'in ya fi wanda yake tsaye a kansa ganin inda ya karkata gaba ɗaya. Tambayar da za a yi ita ce, in aka yi ruwan sama, ta ina zai malale? Masu tsara fili sukan gina girin yadda ruwa zai fita ta gaba ko ta gefen tafki da rafi. A filin Augusta na jihar Jojiya, inda ake gasar Masters, 'yan wasa sun daɗe suna cewa ƙwallo takan ja zuwa rafin Rae's Creek, saboda can ne ƙasa ta fi yin kwari. Bayan an hau girin, sai a tsuguna a bayan ƙwallo don ganin dama ko hagu, sannan a koma gefen da ya fi ƙasa, tsakiyar tazarar, a duba ko hawa ne ko sauka. Daga gefen kwari tudu ya fi fitowa fili.

Ido yana ruɗuwa, musamman in akwai dutse ko dogayen itatuwa a bayan girin. Saboda haka da yawa suka koma ga ƙafa. Dabarar AimPoint ta Mark Sweeney, wadda Adam Scott da Justin Rose suke amfani da ita, ta dogara ne a kan mutum ya buɗe ƙafafunsa a kusa da hanyar ƙwallo, ya ji wacce ce nauyinsa ya fi sauka a kanta. Sai ya ba gangaren lamba, kashi 1 ko 2 ko 3 cikin ɗari. Kashi 2 cikin ɗari na nufin ƙasa tana sauka inci 2 a kowane inci 100. Ba kasafai ake haƙa rami a inda ya wuce kashi 3 ba, domin a girin mai santsi ƙwallo ba za ta tsaya ba.

Sai kwanciyar ciyawa. Ciyawar girin ba a miƙe take tsaf ba, takan kwanta ta fuskanci wani ɓangare. A ƙasashe masu sanyi, inda ake shuka siririyar ciyawar benti, abin bai cika yawa ba. A wurare masu zafi kamar Fulorida da Hawayi da yawancin Afirka kuwa, ciyawar Bamuda ake amfani da ita, dangin kiri-kirin da muka sani, mai yaɗo a ƙasa da ganye mai ɗan tauri. Ita tana iya sauya lissafi gaba ɗaya. Gane ta kamar duban yadin karan-miski ne: in ka kalle ta daga inda ta kwanta tana nesanta da kai, sai ka ga tana sheƙi, ta yi haske-haske. In ta kwanto tana fuskantar ka, sai ta yi duhu, kore shar. Sheƙi tsakaninka da rami na nufin ƙwallo za ta yi gudu, duhu kuwa na nufin za ta cije.

Alama ta biyu tana bakin ramin kansa. Zuwa tsakar rana za ka ga gefe ɗaya na leɓen ramin yana nan da kaifinsa, ɗaya gefen kuwa ya zaizaye ya yi ruwan ƙasa. Ciyawar ta kwanta ne tana nufin wannan gefen da ya zaizaye. Sau da yawa tana bin hanyar da ruwa yake bi, wato ƙasa-ƙasa. Masu ɗaukar sanduna sukan ce tana bin faɗuwar rana, amma abin da ido ya gani a bakin rami ya fi wannan zance ƙarfi. Doka ta hana a goga girin da hannu ko sanda, ko a gangara wata ƙwallo don gwaji yayin da ake buga ramin, don haka da kallo kaɗai ake ganewa. A filayen da ruwa yake wuya aka dandaƙe rairayi a madadin ciyawa, irin waɗanda aka daɗe ana wasa a kansu a arewacin Nijeriya, babu wannan batu, gangare da nauyin rairayi kawai ake dubawa.

Mu ɗauki bugu guda mu bi shi daki-daki. Ƙwallo tana ƙafa 10 daga rami, saurin girin 10. Ɗan wasa ya tsaya a tsakiya ya ji nauyinsa ya fi sauka a ƙafar hagu, ya ƙiyasta kashi 2 cikin ɗari, babu hawa babu sauka. Akwai ƙiyasin da ake yi a irin wannan sauri: a ninka ƙafafu da lambar gangare, a raba biyu. Goma sau biyu ashirin, rabinsa inci 10. Ke nan zai auna inci 10 dama da tsakiyar rami, wato kusan faɗin rami biyu daga leɓen dama, da ƙarfin da zai wuce da ƙwallon ƙafa ɗaya. In ya ga dama ya lallaɓa ta yadda za ta mutu a bakin rami, sai ya ƙara ya haura inci 12. In ya buga ta wuce ƙafa uku, wajen inci 8 ya isa, amma in ta kuskure ya bar wa kansa wani aikin.

Yanzu ya duba rami ya ga leɓen hagu ne ya zaizaye. Ciyawa da gangare sun haɗu a kan hanya ɗaya, sai ya ƙara inci biyu ko uku a dama. Da leɓen dama ne, da sai ya rage kusan haka, domin ciyawar za ta tallafe ƙwallon. Da kuma gangaren nan na kashi 2 a gabansa yake a miƙe, abin da zai sauya shi ne ƙarfi: bugun da yake kai ƙafa 10 a shimfiɗe zai kai wajen 13 a sauka, ya tsaya a wajen 8 a hawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarancin ƙiyasi. Gwaje-gwajen Pelz sun nuna cewa masu koyo suna ganin ɗan kaɗan ne daga ainihin lanƙwasar. Babban dalili shi ne sukan auna ƙololuwar bakan da ƙwallo za ta zana, alhali ƙwallon tana fara sauka tun daga barin sanda, don haka dole wurin da aka auna ya fi ƙololuwar nisa daga rami. Maganinsa shi ne a zaɓi wani ɗan tabo a ciyawa, ƙafa ɗaya ko biyu gaban ƙwallo a kan hanyar farko, a saita fuskar sanda da shi, sannan a mai da hankali kacokan kan ƙarfi.

Inda ƙwallo ta tsaya bayan ta kuskure yana faɗin abin da ya faru. In ta wuce ta ƙasan rami kuma nisan daidai ne, karatun ya gaza, a ƙara auna sama. In ta wuce ta saman rami ta yi ƙafa huɗu gaba, hanyar ba ta da laifi, ƙarfi ne ya yi yawa. In ta zo daidai sai ta kauce a inci shida na ƙarshe a girin Bamuda, a koma a dubi leɓen ramin. Kuma duk wadda ta wuce, a bi ta da ido har ta tsaya, domin karkatar da ta yi bayan rami ita ce karatun bugun dawowa.