Raba gado ba tare da raba kasuwanci ba

Yawancin kasuwancin iyali a Kantin Kwari, Singa da Dawanau a kan mutum ɗaya suke tsaye. Maigida ne ya san wanda ake bi bashi da wanda ya ba da ajiya, asusun banki da sunansa yake, kuɗin cefane da na sarin kaya kuma aljihu ɗaya suke fitowa. Ranar da ya kwanta dama, sai a kasafta shago da sito da mota tsakanin magada, kowa ya ɗauki abin da ba zai iya juyawa shi kaɗai ba. Mafita ita ce a mayar da kasuwancin kamfani mai hannun jari tun maigida na da rai da lafiya, yadda idan rabon gado ya zo hannun jari za a raba, injin da sito su zauna inda suke.

Rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar CAC ba ta yin wannan aiki, domin a idon doka mai sunan da kasuwancin abu ɗaya ne. Kamfani kuwa yana da kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya kafa kamfani mai zaman kansa da jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan karɓar takardar rajista. Sai an mayar da takardar fili, motoci da asusun banki zuwa sunan kamfanin, an kuma rubuta kowane bashi da ajiya, har da haƙƙin yaran shago da ke jiran sallama. Duk kadarar da aka bari da sunan maigida ba ta shiga kamfani ba, ita kanta za a raba.

A ɗauka wani mai injin casar shinkafa ne, wanda bayan cire basussuka aka ƙiyasta kasuwancinsa a naira miliyan 80, aka kasa shi hannun jari 800,000. Ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba iyaye. Matar tana da tumuni, wato 100,000. Sauran 700,000 a kasa su bakwai: kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. An bi shari'a daidai, injin kuma bai tsaya ko yini ɗaya ba. Wanda ke son fifita ɗan da ya fi wahala a harkar ya sani wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yanka wa wannan ɗa albashin manaja, domin mallaka daban, gudanarwa daban. Babban ɗa ba lallai ne ya zama shugaba ba, kuma ya kamata a rubuta yadda za a zaɓi magajin kujerar, ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin uban kafin ranar ta zo.

Mai zuba jari daga waje abu na farko da zai nema shi ne lissafin shekarun baya da ƙwararren akanta ya bincika. Idan cinikin da ke littafi bai yi daidai da abin da ya shiga banki ba, zai karya farashi ko ya juya baya. A misalin nan, in ya kawo naira miliyan 20, darajar kamfani ta zama miliyan 100. Za a ƙirƙiro masa sababbin hannun jari 200,000, jimla ta zama 1,000,000, yana da kashi 20 cikin ɗari. Ɗan da ke da kashi 25 ya koma 20, amma darajar rabonsa tana nan a miliyan 20. A lura da bambanci: in hannun jarin wani magaji ya saya, kuɗin aljihun magajin za su shiga, kamfani bai ƙaru da ko kwabo ba.

Yawan kason da aka sayar shi ke nuna wa ke riƙe da linzami. Manyan shawarwari, kamar sauya dokokin kamfani, suna buƙatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa, don haka baƙon da ya haura kashi 25 zai iya hana su wucewa. Yarjejeniyar masu hannun jari ta fayyace kason ribar da za a raba kowace shekara, domin 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu ta nan kaɗai suke ganin gadonsu, kuma su ake fara dannewa in ba a rubuta ba. Ta kuma tanadi cewa mai son fita sai ya fara tallata wa 'yan'uwa kasonsa, da wanda zai yi ƙiyasin farashin, da tsawon lokacin da za a ba su su biya.