Hoton da Ka Canza a Facebook Bai Tafi Ko'ina Ba

Wata 'yar makwabtanmu da aka sa wa rana ta canza hoton fuskar shafinta na Facebook, ta ɗora wani mai hijabi har ƙasa, ta ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana biyu sai ga ƙanwar angon ta turo mata hotonta na bikin kammala sakandare, babu ko ɗankwali. Ba wanda ya yi mata kutse. Hoton yana nan inda Facebook ya ajiye shi tun ranar farko.

Duk hoton da mutum ya taɓa sawa a fuskar shafi yana shiga wani kundi mai suna Profile pictures, na bangon sama kuma yana shiga Cover photos. Sa sabo ba ya goge tsoho, sai dai ya tura shi baya. Tun da kuwa hoton da ke kan shafi kowa ne ke ganinsa, aboki da baƙo, tsohon yakan ci gaba da zama a buɗe har sai mai shi ya rufe shi da hannunsa.

Waɗannan kundaye biyu ba sa goguwa gaba ɗaya kamar waɗanda mutum ya ƙirƙira da kansa, dole a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga shafinka, ka taɓa Photos, sannan Albums, ka buɗe kundin. Ka zaɓi hoton, ka danna ɗigo ukun da ke sama, za ka ga Delete photo. Kafin ka danna, ka sani cewa duk sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa zai bi shi, har da addu'ar wani da ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa ni na fi son hanya ta biyu: a mayar da masu ganin hoton zuwa Only me. Alamar duniya za ta koma ta kwaɗo, hoton na nan, amma kai kaɗai ke ganinsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɓoye sanarwar canjin hoto daga shafi. Wannan ba ya taɓa kundin ko kaɗan. Haka nan idan hoton daga cikin waɗanda ka riga ka ɗora ka zaɓo shi, to ya zama biyu ke nan, ka goge guda, ɗayan na zaune a wani kundin. Amaryar tamu sai da ta koma ta same shi a can ma.

Idan ka gama, ka danna View as a shafinka don ganin abin da baƙo ke gani. Wanda kuwa wani ya riga ya sauke a wayarsa, kamar ƙanwar angon nan, sai dai a roƙe ta ta goge.