Kaya sun hau: yadda za a faɗa wa masu saye ba tare da sun gudu ba

Kowace mace a Zabori ta taɓa cin karo da irin wannan takarda manne a ƙofar kanti: "Kaya sun hau. Ba bashi." Ko kuma ba takardar ma, sai kin miƙa kuɗi kamar kullum mai kanti ya ce ki cika. Kunyar da kika ji ranar a gaban mutane ita ce take korar mai saye, fiye da ƙarin kuɗin kansa. Tun da ƙungiyoyin asusu da yawa suna juya kuɗin mambobi ne a ɗan kanti ko tebur na mai, shinkafa da sabulu, ya kamata mu san yadda ake wannan sanarwa.

Tsadar da muka gani tana da dalili

A ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, nan da nan kuɗin mota da na kabu-kabu suka tashi a garuruwan bakin iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, hanyar da kayan tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke bi. Hanyar Kamba ma ta toshe. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, an buɗe iyaka da Najeriya a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe. Kayan da a da suke ƙetare gada cikin babbar mota sai suka koma kwale-kwale, ko su yi doguwar kewaya ta Togo da Burkina Faso. Kowane sauki da kowane lodi kuɗi ne.

Mai saye ta san duk wannan a dunƙule. Abin da ba ta sani ba shi ne nawa ya shafi litar man da ke hannunta. Muddin ba a faɗa mata ba, za ta ɗauka kin fake da iyaka ne kina cika aljihu.

A fara da lissafi kafin magana

Mu ɗauki misalin kantin wata ƙungiya mai sayar da man girki. A da ana saro bido mai lita 25 a kan jika 24, a biya jika guda na ɗauko shi. Lita ta tsaya wa ƙungiya a sefa 1,000 ke nan, ana sayarwa 1,100, ribar bido 2,500.

Yanzu sari ya koma jika 27, kuɗin ɗauko kuma 1,750. Jimla 28,750, wato lita ta tsaya a 1,150. In aka ci gaba da sayarwa a tsohon farashi, bido zai kawo 27,500 kawai, ana faɗuwar 1,250 a kowane ɗaya. Wannan faɗuwa ba ta mai tsaron kanti ba ce, zubin da mambobi suke yi kowane mako ne yake zurarewa, kuma sai ranar rabo za a gane. In aka mai da lita 1,250, ribar bido tana nan a 2,500 ɗinta, ko dala ba ta ƙaru ba. Wannan ita ce maganar da ya kamata mai saye ta ji.

Sanarwar da aka sake

Maimakon "Kaya sun hau. Ba bashi", ga abin da sakatariya za ta rubuta:

"Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa. Daga ranar Juma'a mai zuwa litar mai za ta koma jika da dala hamsin, maimakon jika da dala ashirin. Bidon da muke kawowa nan a jika 25 yanzu ya kusa jika 29, saboda sari da kuɗin mota sun tashi. Ribarmu ba ta ƙaru ba. Kafin Juma'a kowane gida zai iya sayen lita guda a tsohon farashi. Gishiri da sabulu suna nan yadda suke. Wadda ta ci bashi a da, tsohon kuɗi za ta biya. Ranar da sari ya sauka, mu ma za mu sauke. Mun gode, Allah ya kawo mana sauƙi."

Ku lura an faɗi kuɗin da dala, yadda muke ƙirga a kasuwa, ba da lambar takarda ba. Tsohuwar da aka ce wa "1,250" sai ta tsaya tunani, amma "an ƙara dala talatin" ta gane nan take. An kuma ambaci abin da bai tashi ba, domin da zarar an ce "kaya" a dunƙule, mutane za su ɗauka komai na kantin ya yi tsada, su wuce ko tambaya ba su yi ba.

Ranakun da aka bayar kafin Juma'a su ne zuciyar sanarwar, amma suna da tsada. In bido biyu suka rage aka sayar da su a tsohon farashi, kuɗin da za su kawo ba zai sayo sababbi biyu ba, za a nemi cikon 2,500. Don haka ba mai tsaron kanti ce za ta yanke wannan ita kaɗai ba. A kawo shi taron mako, a amince, a rubuta a littafi. Iyakar lita guda ga kowane gida kuwa tana hana mai kuɗi ta kwashe duka ta je ta sayar a sabon farashi.

Inda ake yin kuskure

Babban kuskure shi ne a bar farashi yadda yake a rage awo a ɓoye. Matar da take sayen man dala ashirin kullum ta san inda yake tsayawa a kwalbarta. Ranar da ta ga ya ragu ba a faɗa mata ba, ba za ta yi faɗa ba, za ta daina zuwa ne, ta kuma faɗa wa maƙwabta. In dole ne a rage, a nuna mata sabon ludayin a ce: "Inna, wannan ne na dala ashirin yanzu."

Na biyu, kada a ɗora laifi a kan abin da bai shafi kayan ba. Gyaɗa da gero da aka noma nan gida ba su ƙetare gada ba. Wadda ta ce iyaka ce ta sa su tsada, gobe ko ta faɗi gaskiya a kan mai ba mai yarda.

Na uku, takarda kaɗai ba ta isa ba, tun da ba kowa ke karatu ba. A karanta sanarwar a taron asusu, a tura ta da murya a WhatsApp, kuma duk mai tsaron kanti ta faɗi magana iri ɗaya. In wannan ta ce mota, waccan ta ce duwan, sai a fara zargi.

Bayan mako biyu a buɗe littafi. In masu zuwa suna nan da yawansu, sai dai mai lita ta koma rabi, sanarwa ta yi aiki, aljihu ne ya yi rauni. A tanadi ƙananan awo. In kuwa fuskokin da aka saba gani ne suka ɓace, a tura mamba biyu su ji nawa ake sayarwa a sauran kantuna, a kuma sake duba wurin sari.

Sai alkawarin ƙarshe. Duk ranar da bido ya sauka, ko da dala goma ce a lita, a sauke, a sanar da shi da ƙarfi kamar yadda aka sanar da ƙarin. Wadda ta taɓa ganin kun sauke, ita ce za ta tsaya muku ranar da kuka sake ƙarawa.