Mahaɗin da ke sauke mutum a tsakiyar manhaja

Akwai mahaɗin da in aka latsa shi a waya ba ya buɗe burauza. Manhaja yake buɗewa, ya tsallake zaure ya shige da mutum har ɗakin da ake nufi: wani bidiyo a YouTube, ko wata haja a manhajar kanti. Shi masu gina manhaja ke kira mahaɗi mai zurfi.

Tsohuwar hanyar ita ce manhaja ta zaɓi wata kalma ta sanar da waya cewa duk adireshin da ya fara da ita nata ne. Shi ya sa `whatsapp://send?text=Sannu` ke buɗe WhatsApp da gaisuwar a rubuce, saura zaɓen wanda za a tura wa. Sai dai in babu manhajar a wayar, mahaɗin ya mutu ke nan. Mafi muni, ba mai rajistar waɗannan kalmomi, don haka manhajar ɗan damfara na iya cewa kalmar wani banki tata ce.

A 2015 aka toshe wannan kafa. Apple ya fito da Universal Links a iOS 9, Google kuma da App Links a Android 6.0. Dabararsu ɗaya ce: a yi amfani da adireshin intanet na yau da kullum, amma mai shafin ya shaidi manhajar.

A ɗauka wani kanti ya tura wa mai saye `https://example.com/kaya/52`. Tun farko manhajar kantin ta bayyana cewa adireshin wannan shafi nata ne. Kantin kuma ya ajiye ƙaramin fayil a shafinsa:

```
https://example.com/.well-known/assetlinks.json
```

A cikinsa akwai cikakken sunan manhajar da tambarin sa hannun mai ita. Da an saka manhajar, wayar Android za ta duba fayil ɗin, ta gwada da abin da ke hannunta. In sun dace, ana latsawa waya za ta miƙa wa manhajar adireshin, ita kuma ta karanta `kaya/52` ta nuna haja mai lamba 52. Wanda ba shi da manhajar bai yi asara ba, domin burauza za ta nuna masa hajar a shafin. A iPhone sunan fayil ɗin `apple-app-site-association`.

Inda aka fi samun cikas shi ne wurin shaidar. Kuskuren harafi ɗaya a tambarin ya isa ya rushe ta, kuma daga Android 12 waya ba ta tambayar da me za a buɗe mahaɗin da ba a tantance ba, burauza kawai take tura shi. Alamar ke nan: manhaja na nan, amma shafi ke buɗewa. In kuwa manhajar ta buɗe amma ta tsaya a fuskar farko, shaida ta yi, maginanta ne ba su koya mata karanta ƙarshen adireshin ba.

Mai waya na iya gyara matsalar farko da kansa. A saitin manhajar akwai `Open by default`, inda ake ba ta izinin buɗe adireshin shafinta. Ta biyun kuwa sai masu manhajar sun fitar da sabon zubi.